Awo ɗaya ya hau: shin ciwon suga ne? Tambayoyi da amsoshi

Na gwada jinina da na'urar gida ta nuna 190. Ke nan na kamu?

Ba a yanke hukunci da wannan. Sugan jini ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa bayan an ci abinci, ya sauka daga baya. Zazzaɓi, rauni, tsananin damuwa da magunguna irin su firedinisolon duk suna ɗaga shi na ɗan lokaci. Wani kuma yatsan ne kawai: mutum ya taɓa abu mai zaƙi, bai wanke hannu ba ya soka allura, sai na'urar ta haɗa da sugan da ke kan fata. Ita kanta na'urar, ko lafiyarta ƙalau, tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari. An yi ta ne don mai ciwon ya riƙa bibiyar kansa.

To da me likita ke tabbatarwa?

Da jinin da aka ɗiba daga jijiya aka kai ɗakin gwaji. Idan an yi awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, 126 mg/dL (7.0 mmol/L) zuwa sama shi ne ma'aunin ciwon. Akwai gwajin da ake shan ruwa mai giram 75 na gulukos, a auna bayan awa 2, a nan iyakar 200 mg/dL (11.1 mmol/L) ce. Sai HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, iyakarsa 6.5%.

Na ɗakin gwajin ma ya haura. Me ya sa aka ce in dawo?

Saboda in babu alamomi, sakamako biyu ake buƙata: ko a maimaita gwajin, ko a yi wani daban shi ma ya haura. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. "Mai ciwon suga" suna ne da zai bi mutum har tsawon rayuwa, kuma wasu magungunan suna iya faɗar da sugan wanda ba shi da ciwon.

HbA1c ba ya kuskure?

Yana yi. Ga mai sikila, mai ƙarancin jini, mai juna biyu ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ba a dogara da shi. A faɗa wa likita tun farko.

Akwai lokacin da ba a jira na biyu?

Akwai. Mai yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa da rama ba dalili, in awonsa ya kai 200 a kowane lokaci, ya isa. In kuma da amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama ko ruɗewa, musamman ga yaro, a tafi asibiti nan take.

Kafin ranar maimaitawa in daina cin abinci?

A'a. Ban da awa 8 na kafin gwajin in an ce ka zo ba ka ci ba, ci yadda ka saba, don wanda ya takura cikinsa kwana biyu yana iya ɓoye wa likita gaskiyar jikinsa. Ka rubuta lambar farko da lokacin da ka ci abinci, ka tafi da magungunan da kake sha.