Takardar tantance kwamfutocin da suka ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta

Zuwa ga Malamin ɗakin kwamfuta, daga shugaban sashe. Gombe, safiyar Litinin.

Malam, cikin kwamfutoci 36 da ke ɗakin, 21 ne suka ƙi tashi tun da wuta ta ɗauke ranar Juma'a ana tsakiyar darasi, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ranar Alhamis 'yan aji shida za su yi gwajin jarrabawar JAMB a kansu. Ka bi matakan nan a jere. Sharaɗina ɗaya ne: kada sukudireba ta taɓa ko ɗaya sai ka gama zagaye dukkansu ka raba su gida-gida. Da wuya kwamfuta 21 su mutu rana ɗaya kowacce da cutarta daban. Yawanci dalili biyu ne ko uku, kuma wanda ya zauna kan ta farko yana kwancewa sai azahar ta same shi a kanta.

Kayan da za ka shiga da su: mitar gwada wuta, salatif na takarda da maka, sukudireba, filash mai ɗauke da Windows 10, batiran CR2032 da ke durowar ofis, da monita, kibod da wayar wuta waɗanda ka tabbatar suna aiki. Ka ɗauki ɗalibai biyu masu natsuwa, ɗaya ya riƙe littafi yana rubutu, ɗaya yana manna takarda.

1. Wutar ɗakin tukuna

- Kashe soket ɗin bango gaba ɗaya, a zare filogin kowace kwamfuta.
- Duba bireka da canjoba. In bireka ta faɗi, ka ɗaga ta ba komai a jone. Ta sake faɗuwa, ka tsaya a nan a kira mai gyaran wuta.
- Gwada soket ɗaya a kowane layi da mita. Wutar ƙasar nan volt 230 ce. In ka ga ƙasa da 200 ko sama da 250, ko lambar tana ta rawa, kada ka jona komai. Ka nemi a tayar da janareta, ka ba shi minti biyar ya daidaita, sannan ka sake gwadawa.
- Shinshina kowace estenshan, ka duba bakin ramukanta. Wadda ta yi baƙi ko ta narke a fitar da ita daga ɗakin, kada a ajiye ta a lungu, don gobe wani zai mayar da ita.
- Tsallake UPS da sitabilaiza. Jona kwamfuta kai tsaye a soket ɗin da ka gwada. UPS mai mataccen batir yakan kunna fitila har ya yi ƙara, amma da an ɗora masa kaya sai ya saki.

In ka lura waɗanda suka mutu duk a layi ɗaya suke, to kusan ka gama aikin: laifin na layin ne.

2. Sauke ragowar wuta

Kowace kwamfuta, filoginta a zare, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30. A mayar da waya, a kunna. Wasu za su tashi daga wannan kaɗai, domin fawafak yakan kulle kansa in wuta ta yi tsalle. Ɗalibai za su iya yin wannan. A cire duk filash ko firinta da ke jone kafin a kunna.

Tsofaffin da ke layin bango suna da ɗan jan makunni a bayan fawafak mai 115 da 230. Ka duba da idonka yana kan 230 kafin a ba su wuta. Yara suna wasa da shi.

3. Raba su gida biyar

Kunna ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowacce minti biyu, a manna mata harafi a goshi. Abin da allo ya rubuta a kwafe shi yadda yake, harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. "Ta ƙi yi" ba bayani ba ne.

- A: shiru, ba fitila, ba fanka.
- B: fanka na juyawa ko fitila na ƙyaftawa, allo baƙi.
- C: tambarin kamfani ya fito, sai ta tsaya da rubutu kan kwanan wata, ko tana neman F1 ko F2.
- D: `No boot device found` ko `Boot Device Not Found`.
- E: Windows ya fara tashi, sai shuɗin allo, ko `Preparing Automatic Repair` yana ta maimaituwa.

Gyara kuma ba daga A za ka fara ba. Fara da C, sai D, sai E, sai B. Gidan A ne na ƙarshe, don shi ne mai cin kuɗi, kuma kafin ka kai gare shi ka san yawan waɗanda ka samu na ranar Alhamis.

4. Gidan C, kuma a nan nake zaton mafi yawansu suke

Waɗannan kwamfutocin na hannu ne aka sayo, ba wanda ya san shekarun batirin da ke kan madabod ɗinsu. Muddin filogi na jone da wuta, batirin ba ya aikin komai, shi ya sa mutuwarsa ba ta bayyana. Ranar da wuta ta yanke ta daɗe, sai agogo ya koma baya, saitin BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani.

- Zare wuta, buɗe murfi, taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Da sanyin hunturun nan jiki yana tara wutar da ke kashe ram.
- Ciro batirin, mai kama da kwabo. Sabo yana ba da volt 3 ko sama da haka kaɗan a mita. Wanda ya gaza 2.8 ni canza shi nake yi. Gefen da ke da alamar + yana sama.
- Shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP. Gyara kwanan wata da lokaci.
- Kafin ka fita, ɗauki hoton saitin wata mai lafiya irinta ka kwatanta abu uku: `SATA Operation` ko `SATA Emulation`, yanayin tashi (`UEFI` ne ko `Legacy`), da jerin abin da take fara nema.

Kada ka raina na farkon nan. In an sa Windows lokacin da saitin yana kan `AHCI`, sai ya koma `RAID On` ko `IDE`, kwamfutar za ta ba ka shuɗin allo da `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE` alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Mutane da yawa sun goge faifai sun sake sa Windows saboda wannan layi ɗaya. Don haka duk wadda ke gidan D ko E, ita ma ka duba mata waɗannan ukun kafin komai.

5. Gidan D

Tambaya ɗaya: BIOS yana ganin faifan ajiya?

- Yana gani: gyara jerin tashi, `Windows Boot Manager` ya koma sama. In bai isa ba, mayar da ita gidan E.
- Ba ya gani: zare wuta, cire wayoyin faifan biyu ka mayar da su da kyau, ka gwada wata waya.
- Yi gwajin kamfani: F12 sannan `Diagnostics` a Dell, Esc sannan F2 a HP. Rubuta lambar da ta bayar.
- Faifan da ke ƙas-ƙas-ƙas, kashe shi nan take. Kowace kunnawa ƙara ɓata shi take yi.

Kwamfuta mai lamba 1, ta teburinka, ita ke riƙe da makin ɗalibai na zangon nan. Ko wane gida ta faɗa, kada a gudanar da wani umarni a kanta sai an ciro faifan an kwafe fayilolin a wata.

6. Gidan E

Wuta ta yanke Windows yana tsakiyar rubutu, shi ne ya bar fayiloli a hargitse. In allo ya nuna yana gyara ko yana ƙarasa sabuntawa, ƙyale shi minti 20 ka wuce ta gaba. In bai fita ba, tashe ta daga filash (F12 a Dell, F9 a HP), zaɓi `Repair your computer`, `Troubleshoot`, ka gwada `Startup Repair` sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Bai yi ba, buɗe `Command Prompt`. A nan harafin faifai yakan canza, don haka fara da dubawa:

```
diskpart
list volume
exit
chkdsk C: /f
```

In Windows yana kan D ne a jerin, sa D a madadin C a `chkdsk` da kuma umarnin da ke ƙasa. Bayan haka:

```
sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows
bcdboot C:\Windows
```

In ta nemi mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, kada ka yi ta cusa mata zato. Manna mata takarda ka zo ofis mu duba fayil.

Kowace kwamfutar ɗalibai minti 30 ne rabonta. Ta wuce haka, a sa ta layin sake sa Windows da yamma. Babu abin da ke cikinta da ya kai darajar rabin yininka.

7. Gidan B

- Monita tukuna: jona wanda ka san yana aiki, da wata wayar. Wani lokaci monitan ne wutar ta taɓa, kwamfutar tana can tana aikinta.
- Ƙirga ƙarar da take yi ko ƙyaftawar fitila, da launinta, ka rubuta. Ma'anar ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, sai an duba littafin wannan samfurin.
- Ciro ram, hure ƙurar ramin da buluwa, goge haƙoransa da busasshen ƙyalle mai tsabta, mayar da shi har ƙugiyoyin biyu su kama. In guda biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya.
- Cire batirin madabod minti biyar, ka mayar.
- Dubi kafasitoci. Wadda kanta ya kumbura ko ta zubo da ruwan ƙasa-ƙasa, aikin mai gyara ne.

8. Gidan A

Canza wayar wuta da mai aiki, don filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki kuma shi yakan fara ƙonewa. Wasu Dell OptiPlex suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawafak: danna, in fitilar ba ta kama ba, cire wayoyinsa daga madabod da faifai ka sake dannawa. Har yanzu shiru, fawafak ya tafi. Ta kama bayan ka cire wayoyin, to wani abu ne a ciki yake janye shi.

Fawafak ba a buɗe shi, ko an zare shi daga wuta. Wadda kuma ke warin ƙuna kada a sake ba ta wuta, kuma kada ka ara mata fawafak na mai lafiya, don madabod da ya ƙone yana iya tafiya da shi. Aro sai tsakanin samfuri iri ɗaya, kuma duk abin da aka ciro daga wata a rubuta lambarta a jikinsa da salatif.

9. Kafin ka rufe ɗaki

- Duk wadda ta tashi, a kashe ta yadda ya dace, a zare filogi minti ɗaya, a sake kunnawa. Wadda ta mance lokaci ta koma gidan C.
- A BIOS, `AC Recovery` a Dell ko `After Power Loss` a HP ya koma `Power Off`, don kada su riƙa kunna kansu duk lokacin da wuta ta leƙo.
- Tashi aiki, a kashe soket ɗin bango. A rubuta sunan ɗalibin da ke da alhakin kowane layi a allo.
- Kawo min littafin kafin la'asar da lissafi uku: nawa suka tashi, nawa ke jiran sake sa Windows, nawa ke jiran kaya, da samfurin kowane fawafak da batirin UPS da za a saya. Da shi zan shiga wurin Shugaban makaranta gobe da safe, kuma in masu aiki ba su kai 30 ba, za mu raba 'yan aji shida rukuni biyu ranar Alhamis.