Mil ɗin teku da ƙulli: awa nawa jirgin kaya zai yi daga Legas zuwa Tema?

Takardar da wakilin jirgi ya aiko tana ɗauke da lambobi biyu: nisa `220 NM`, gudu `12 kn`. Jirgin ƙarami ne, na dakon kaya, zai tashi daga Apapa ran Talata da yamma ya nufi Tema ta ƙasar Gana. Mai kaya yana so ya san lokacin da zai tura motocinsa bakin tasha. Kafin a ba shi amsa sai an san abin da lambobin nan suke nufi, domin babu kilomita a cikinsu ko ɗaya.

`NM` shi ne mil ɗin teku, tsawonsa mita 1,852 cif. Ya fi mil ɗin tudu, wanda bai wuce mita 1,609 da 'yan kai ba. A taron masana taswirar teku da aka yi a Monako a 1929 aka tsayar da wannan adadi. Amurka ta karɓa a 1954, Birtaniya kuwa sai 1970.

Me ya sa 1,852, ba 2,000 ba da zai fi daɗin lissafi? Daga jikin duniya aka ciro shi. Kewayenta digiri 360 ne, kowane digiri an raba shi minti 60. Mintin nan na kusurwa ne, ba na agogo ba. Ka ga kenan minti 21,600 ne a kewaye guda. In ka zagaya duniya ta Arewa da Kudu za ka ci kimanin kilomita 40,000, ka raba wannan gida 21,600, abin da zai fito kusan kilomita 1.852 ne. Wato minti ɗaya na latitud, layukan da suke nuna nisanka daga tsakiyar duniya zuwa Arewa ko Kudu, shi ne mil ɗaya na teku. Digiri ɗaya, mil 60.

Nan amfanin yake. Matuƙi ya buɗa kamfas ɗin awo mai ƙafa biyu a kan taswira tsakanin wuri biyu, ya ɗora shi a ma'aunin latitud da ke gefen dama ko hagu, minti nawa ya karanta, mil nawa kenan. Ba ya bukatar juya komai. Amma fa a gefe ake aunawa. Lambobin da ke sama da ƙasan taswira na longitud ne, masu nuna nisa gabas ko yamma, su kuma matsewa suke yi in ana nisa da tsakiyar duniya: a digiri 60 na Arewa minti ɗaya ya koma rabin mil. A gaɓar Legas bambancin kaɗan ne, shi ya sa mai koyo a nan yakan saba da kuskuren bai sani ba.

`kn` kuma gudu ne, matuƙa suna ce masa not, wato ƙulli. Ƙulli ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa guda, kilomita 1.852 kenan a awa. Awar tana cikinsa, don haka ba a cewa ƙulli 12 a awa. A zamanin jiragen filafilai katako ake ɗaurawa a bakin igiya a jefa bayan jirgi. An ƙulla igiyar a kowace mita 14.4, wani yana riƙe da agogon yashi na daƙiƙa 28. Igiya tana warwara ta tsakanin yatsun ma'aikaci, yana ƙirga ƙullin da suka wuce har yashi ya ƙare. In bakwai suka wuce, gudun jirgi ƙulli 7 ne. Ka gwada: mita 14.4 a daƙiƙa 28 daidai take da mita 1,852 a daƙiƙa 3,600.

To, lissafin tafiya. Nisa ake rabawa da gudu:

```
T = D / S
T = 220 / 12 = 18.33
```

Awa 18.33 ba awa 18 da minti 33 ba ce. Abin da ke bayan ɗigo kaso ne na awa, sai an ninka shi sau 60: 0.33 ya ba da minti 20. Awa 18 da minti 20 kenan, in da ruwan a tsaye yake.

Ba a tsaye yake ba. A wannan gaɓar akwai igiyar ruwa ta Gini, wadda take gangarawa gabas, daga wajen Gana ta nufo Najeriya, ƙarfinta yana ƙaruwa da damina. Jirgin da ya bar Legas zuwa Tema yamma ya nufa, gaba da gaba da ita. Ƙulli 12 da aka rubuta gudunsa ne a cikin ruwa, ruwan kuma yana janye shi baya. Mu ɗauka ƙarfin igiyar ƙulli 1 ne a wannan makon. Gudun da yake cin ƙasa da shi, wanda na'ura take nunawa da `SOG`, ya koma 11, kuma da shi ake lissafi:

```
T = 220 / 11 = 20
```

Awa 20. Ƙulli ɗaya tak ya ƙara awa ɗaya da minti 40. A dawowa igiyar tana tura shi, gudu 13, tafiyar awa 16 da minti 55. Ka lura ribar dawowa, awa ɗaya da minti 25, ba ta biya asarar zuwa ba, domin jirgin ya fi daɗewa a ɓangaren da ruwan yake yaƙarsa.

Yanzu agogo. A ce jirgi ya fita daga mashigin Legas, ya sauke jagoran tasha da ya fito da shi, ya kama hanya da ƙarfe 6 na yammacin Talata. Ƙara awa 20: ƙarfe 2 na rana ran Laraba a agogon Najeriya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, saboda haka a Tema ƙarfe 1 ne. Wannan lokacin isa bakin tasha ne kawai. Jiran jagora, jiran gurbin da jirgi zai jingina, binciken kwastan, duk ba sa cikin 220 ÷ 11, kuma su ne suka fi ɓata wa mai kaya rai. Wakilin da ke Tema ne zai faɗi wannan, ba alƙalami ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne gauraya ma'auni. Mil 220 na teku kilomita 407 ne. Wanda ya juya nisan zuwa kilomita ya bar gudun a ƙulli zai raba 407 da 12, ya samu kusan awa 34, ya ce wa mai kaya sai asubahin Alhamis, alhali jirgi yana bakin Tema tun azahar ɗin Laraba. In za a juya, a juya duka biyun: kilomita 407 a gudun kilomita 20.4 a awa, wato ƙulli 11, awa 20 ɗin dai za ta fito.

Mai jirgi ma yana da nasa lissafin. Man da inji yake sha a awa yana hawa kusan kamar an ninka gudu da kansa sau uku. In kyaftin ya san babu gurbi a Tema sai daren Laraba, zai iya sassautawa zuwa ƙulli 10 a ruwa, 9 a ƙasa. Tafiyar ta zama 220 ÷ 9, awa 24 da minti 27, shan mai a awa ya sauko zuwa kusan kashi 58 cikin 100 na da, jimillar man tafiyar ta ragu da kusan kashi 30. Sai ya isa wajen ƙarfe 5 da rabi na yamma a agogon Gana. Don haka kafin a tura motoci, a tambayi wakili gudun da kyaftin ya yi niyyar yi a wannan tafiyar, ba wanda aka rubuta a takardar jirgi ba.