Tsakure: Sa Hannun Iyaye da Zuwan Yara Lakwal a Makarantun Firamare na Karkarar Jihar Damagaram

Kundin digiri na biyu a fannin ilimin tarbiyya, Jami'ar André Salifou ta Zinder

Wannan bincike ya duba alaƙar da ke tsakanin sa hannun iyaye a harkar makaranta da zuwan yara aji a kai a kai, a ƙauyukan gundumomin Mirya, Magarya da Kance. Tun daga dokar tsarin ilimi ta 1998, Nijar ta ɗora wa al'umma wani kaso na nauyin makaranta, kuma a yau da wuya a samu lakwal a karkara da ba ta da kwamitin kula da makaranta, wanda mutane ke kira Kojes, da ƙungiyar iyayen yara, wani lokaci har da ta iyaye mata. Duk da haka rubuta sunan yaro bai zama zuwansa aji ba. Tambayar binciken ita ce, a cikin hidimomin da iyaye ke yi, wace ce take zaunar da yaro a aji?

An gudanar da aikin a makarantu 12, huɗu a kowace gunduma, tsawon shekarar karatu ɗaya, daga Oktoba zuwa Yuni. An bi rajistar kiran suna ta aji uku zuwa aji shida, an gwada ta da ƙidayar da aka yi a ziyarar ba-zata, safe da yamma. An tattauna da iyaye, da malamai, da daraktoci, da masu gari da malaman allo. Zaman mata an yi shi dabam, cikin gidaje, domin a taron da maza ke ciki ba su cika buɗe baki ba.

Binciken ya gano cewa fashi yana da lokutansa. Ya fi yawa a farkon shekarar karatu, lokacin da girbin gero da roron wake ba su ƙare ba, kuma a makarantun da azuzuwansu na zana ne karatu kan jira sai an samu kara an ɗaura rumfa. Yana sake tashi a ranar kasuwa, da kuma tsakiyar rani, in maza sun tafi cin rani Najeriya, rijiyoyi sun ja baya, ɗibar ruwa da kiwo sun koma kan yara. A Kance akwai yaran da suka bar aji gaba ɗaya sun bi iyayensu mata zuwa Aljeriya. Rajista ba ta nuna duk wannan, don sau da yawa yarinyar da ta amsa suna da safe tana kan talla da yamma.

Babban sakamakon shi ne, abin da makaranta ke ƙirgawa a matsayin sa hannu, wato halartar taro, biyan kuɗin karo-karo da kawo zana, alaƙarsa da zuwan yaro ba ta da ƙarfi. Uba na iya zama ɗan kwamiti, ƴarsa kuwa tana fashi duk mako. Abin da ya fi tasiri yana faruwa ne a tsakar gida kafin rana ta ɗaga: wa zai je rijiya, wa zai riƙe ƙane, wa zai ɗauki tallar fura, ko akwai abin karin kumallo. Mafi yawan wannan rabon aiki a hannun uwa yake, ita ce kuma makaranta ba ta cika nema ba. Gidajen da uwa ta san malamin aji, take tambayar abin da aka yi yau ko da ba ta iya karatu ba, yaransu sun fi zuwa. Haka ma ƙauyukan da malamin allo da darakta suka daidaita lokaci, aka yi allo da asuba da dare.

Sai dai bai kamata a jibga wa iyaye laifin duka ba. Inda malami ke yawan fashi, iyaye kan janye yaransu, suna cewa gara gona da zaman banza, kuma ana ganin hujjarsu. Inda ake dafa abincin rana, zuwa ya fi daidaita ko da kwamiti ba ya motsi.

Binciken ya ba da shawarar a ba ƙungiyoyin iyaye mata aikin bin sawun mai fashi tun a ranar, a riƙa kiran suna sau biyu a yini, a ɗaura rumfuna kafin komawa makaranta, kuma a sa taron iyaye a ranar da ba ta kasuwa ba. Sakamakon ya shafi ƙauyukan manoma ne kawai. Makarantun makiyaya na Tanut da Gure suna buƙatar nasu binciken.

Muhimman kalmomi: sa hannun iyaye, fashin makaranta, iyaye mata, Kojes, Damagaram.