Wasiƙar neman gyara ko canjin kwamfutar da ta lalace garantinta bai ƙare ba

Unguwar Gwale,
Kano.
Litinin, 7 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Alhaji, mai shagon sayar da kwamfutoci,
Titin Beirut, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana, ya ƙara wa kasuwa albarka. Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka ne saboda sau biyu ina zuwa shago ban same ka ba, kuma maganar da ke tsakaninmu ta wuce wadda za a bar wa yaran shago su yanke.

Ni ne malamin makarantar da ya sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a wurinka ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, a kan naira 620,000. Wataƙila za ka tuna ni, domin kai da kanka ka yanke lasin kwalin a gabana, kuma mun daɗe muna ciniki har ka rage mini naira dubu goma ka ƙara mini da jaka. Lambar rasit ɗina 0417. Kwamfutar mai RAM 8GB ce da SSD 512GB, lambar jikinta kuma ta ƙare da 7K42, daidai da yadda aka rubuta a rasit da kuma jikin kwali. A ƙasan rasit ɗin an rubuta da biro cewa akwai garanti na wata goma sha biyu, an buga hatimin shago, ka sa hannu. A ranar na tambaye ka abin da garantin ya ƙunsa, ka ce mini duk abin da ya lalace da kansa naku ne, ban da faɗuwa, shigar ruwa, ko a kai wa wani mai gyara ya buɗe ta. Wannan maganar ce ta sa na bar ta hannu wadda aka yi mini tayi a rabin kuɗin, na ƙara abin da na tara na ɗauki sabuwa.

Wata biyu cur ta yi tana aiki lafiya lau. Da ita nake buga wa makarantu uku takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai, kuma ban taɓa fita da ita daga gida ba sai a cikin jakar nan da ka ba ni.

Matsalar ta fara ne ranar Talata, 18 ga Maris, cikin azumi. Ina tsakiyar buga tambayoyin lissafi na aji biyu bayan sallar asham, sai fuskar ta koma shuɗiya, rubutu ya fito kamar haka:

```
WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR
```

Ta kashe kanta, ta sake tashi. Na ɗauka abin wucewa ne. Washegari ta maimaita sau uku, ɗaya daga ciki ma ban buɗe komai ba, tana ajiye a kan tebur. Na ɗauki hoton saƙon da wayata sau biyu, kuma kwanan wata da lokaci suna jikin hotunan. Na bi bayanin da masu Windows suka yi a kan wannan saƙo, inda suka ce yana nuna matsala ce a kayan cikin na'ura. Duk da haka na yi abin da mai kwamfuta zai iya yi ba tare da ya taɓa kusa ko ɗaya ba: na sabunta Windows, na cire manhajar da na saka a makon, na duba ko ƙura ta toshe hanyar iskar fanka. Ba abin da ya canza.

Ranar Litinin, 24 ga Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta ɗauke gaba ɗaya. Fuska ta yi baƙi, fanka ta tsaya, ko ɗan hasken nan da ke gefen ramin caja bai ƙara kamawa ba. Na danne maɓallin kunnawa na kusan rabin minti, na jona caja na bar ta awa biyu, shiru.

Na kawo ta shago ranar Laraba, 26 ga Maris, da cajarta da kwalinta. Babban yaronka ya karɓa, ya juya ta gaba da baya a gabana, ya ga babu tsagewa, babu lotsawa, babu alamar ruwa, kuma sitikar da kuka manna a kan kusar ƙasa tana nan ba a huda ta ba. Ya gwada cajata a jikin wata kwamfuta irinta da ke kan kanta, ta kama nan take. Ya rubuta mini takardar karɓa, ya ce in dawo bayan Sallah. Na dawo ranar Alhamis, 3 ga Afrilu. Amsar da na samu ita ce wai wutar NEPA ce ta ƙona bod, garanti bai shafi wannan ba, in kawo naira 95,000 a saka wani.

Alhaji, a nan ne na kasa haƙuri, kuma ina roƙon ka saurari dalilina da kunnen basira.

Lokacin da kwamfutar ta mutu ba ta jone da wuta. Batir take ci, yana wajen kashi 60 cikin ɗari, kuma tun daren da ya gabaci ranar na cire cajar na naɗe ta. A gidana ma ba da wutar gari nake caji ba. Ƙaramar sola gare ni da inbata, domin a layinmu sai a wuni ba a kawo wuta ba. Sannan a sanina, wutar da ta zo da ƙarfi ta cikin caja take fara bi kafin ta isa kwamfuta, ga shi kuwa cajar tana aiki garau, yaronka shaida ne. Abin da ya fi duka, ciwon ya fara nuna kansa kwana shida kafin mutuwar, da saƙon da na ɗauki hotonsa. Na tambayi yaron ko mai gyaranku ya buɗe ta ya ga wurin da ya ƙone, ya ce ba a buɗe ba tukuna, amma dai “yawanci haka ne”. Ban ga yadda za a yanke wa kaya hukunci tun ba a duba shi ba, kuma a ɗora wa mai saye kuɗi a kan “yawanci”.

Ba na zargin ka da sayar mini da kaya mai aibi kana sane. Kwali a rufe ka ba ni, kai ma haka ka karɓo shi, kuma kayan kamfani ana samun wanda ya fito da lahani ko da an yi dubu masu kyau. Amma ai saboda irin wannan ranar aka yi garanti. Ni da kai muka ƙulla ciniki, hatiminka ne a takardata, don haka wurinka zan zo. Tsakaninka da dilan da ya ba ka kaya ko kamfanin da ya ƙera, wannan hanya ce da kai ka sani, ni ban santa ba.

Abin da nake nema shi ne a gyara mini kwamfutar kyauta, da sabon bod na asali irin nata, ba wanda aka ciro daga tsohuwa ba, a kuma rubuta mini abin da aka canza a bayan rasit ɗina, garantin ya ci gaba har zuwa ƙarshen wa'adinsa a Janairun 2026. Idan gyaran ba zai kammala zuwa ranar Juma'a, 25 ga Afrilu ba, to a canza mini da wata sabuwa irinta, mai ƙarfi ɗaya da girma ɗaya. Gaskiya ma canjin na fi so, domin zuciya ba ta kwanciya da kwamfutar da aka fara yi wa babban aiki tana da wata biyu, amma zan karɓi gyara idan an yi shi yadda ya kamata. In kuwa duka biyun ba su samu ba, a mayar mini da kuɗina, in mayar da jaka da duk abin da ya zo da ita.

Idan har mai gyaranku ya dage cewa wuta ce, ban ƙi a duba ba. A sa rana, a buɗe ta a gabana, ko a kai ta cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita su rubuto abin da suka gani. In suka ce laifina ne, zan biya ba tare da musu ba.

Akwai wani abu da ya fi kuɗin damuna. A cikin SSD ɗin akwai sakamakon zangon karatu na biyu na ɗalibai fiye da ɗari uku, da makin gwaji da na jarrabawa. Na kwafe wani ɓangare a filashi tun da ta fara wasa, amma aikin kwana huɗu na ƙarshe yana ciki. Don Allah kada a goge komai, kada a sake ɗora Windows, sai an kira ni na zo an kwashe mini. Idan canza ta za a yi, a ba ni dama in kwashe kayana in goge su da hannuna kafin ta bar shago, domin sunayen 'ya'yan mutane ne da makinsu, amana ce a wuyana.

Tun ranar da ta mutu nake zuwa shagon buga takardu a bakin titi ina biyan kuɗin awa, ina sake shigar da maki daga takardun malamai ɗaya bayan ɗaya. Zuwa yau na kashe naira 18,500, kuma shugaban ɗaya daga makarantun ya riga ya ce mini in ban kawo sakamako kafin a dawo hutu ba, zai ba wani aikin. Ban ce ka biya ni wannan ba. Amma idan akwai wata ko da tsohuwa ce da za ka ara mini kafin a gama, zan sa hannu in karɓa, in dawo da ita yadda aka ba ni.

Ina roƙon amsarka a rubuce, ko ta saƙon waya, kafin ranar Litinin, 14 ga Afrilu. Ranar ce cinikinmu ke cika wata uku, kuma dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai lahani cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ni kuwa tun 26 ga Maris na mayar. Idan ranar ta wuce ban ji komai ba, zan fara kai maganar ga shugabannin ƙungiyarku ta 'yan kasuwa, in ba a daidaita ba in shigar da ƙorafi a Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano ko ta tarayya, FCCPC. Wallahi ba na son mu kai can. Abokin aikina ne ya turo ni wurinka saboda ya ce kai mutum ne mai riƙe magana, kuma har yanzu a haka na ɗauke ka. Na fi kyautata zaton cewa maganar ba ta iso gare ka yadda take ba.

Na haɗo da kwafin rasit, kwafin takardar karɓa ta 26 ga Maris, da hotuna biyu na saƙon da ya fito a fuskar kwamfutar. Na ainihin suna hannuna, zan zo da su duk ranar da ka kira. Lambar wayata ita ce wadda ke kan rasit, kuma yanzu da muke hutu ana samuna kowane lokaci.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa mu rabu lafiya. Na gode.

Wassalam.

Naka,
Malam Sani Gwale