Yadda za mu sa wa fayilolin aikin GEO3204 suna

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare.

Ga abin da muka tsaya a kai ranar Litinin bayan lacca, musamman don waɗanda ba su samu zuwa ba. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a turo komai.

A aikin farko, fayil 11 na karɓa masu suna assignment.pdf, wani yana danne wani a kwamfuta, har aikin 'yar uwarmu ɗaya ya ɓace sai da ta sake turowa bayan an rufe karɓa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ba laifinta ba ne. Saboda haka daga yanzu sunan kowane fayil zai ɗauki abu 3: lambar kwas, lambar aiki, sai lambobi 4 na ƙarshen lambar rajistarka. Kamar haka:

```
GEO3204_A2_0147.pdf
```

Kada a zubar da sifilin farko. Mai lamba 0058 ya rubuta 0058, ba 58 ba, don fayilolin su jeru daidai da takardar sunayen da ke hannun Malam. Kuma kada a sa cikakkiyar lambar rajista, saboda akwai alamar / a cikinta, ita kuwa Windows ba ta karɓar ta a sunan fayil, haka ma : da ? da *. Kada a sa tazara, a yi amfani da _ kawai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a rubuta su cikin aikin yadda ya kamata, amma ban da sunan fayil, don wani lokaci in an kwance zip a wata na'ura sai su rikiɗe su zama wasu alamomi.

Wanda aikinsa ya haɗa da taswira da teburin bayanai ya zuba su a folda ɗaya mai suna irin na sama, ban da .pdf, ya jera su haka, sannan ya mayar da ita zip:

```
01_rahoto.pdf
02_taswira.png
03_bayanai.xlsx
```

Rahoto dai PDF ne, ba Word ba, don kada shafuka su goce. Masu turowa ta WhatsApp su zaɓi Document. In aka turo taswira a matsayin hoto, matse ta ake yi har rubutun jikinta ya daina karantuwa. Masu imel kuma su tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB.

In ka yi gyara bayan ka turo, ƙara _v2 kafin .pdf ko .zip, ka sanar da ni. Na ƙarshen kaɗai zan miƙa.

Zan rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma, in kai wa Malam da safiyar Juma'a. Wanda wayarsa ta ƙi canza suna ya same ni gobe a ɗakin karatu bayan Azahar, mu yi tare.

Na gode, Allah Ya ba mu sa'a.

Wakiliyar aji