Sanarwar manhaja ga ɗalibar da ta kama gurbi a ajin ɗinki, Gusau

Laraba, 11:20 na safe

An tabbatar da gurbinki a ajin koyon yanka da ɗinki na ranar Asabar, ƙarfe 10:00 na safe, a Tudun Wada, Gusau. Mun karɓi kuɗin rajistarki, mun gode.

Alhamis, 4:30 na yamma

Malama, darasin na yankan rigar mata ne, saboda haka ki taho da almakashi, tef ɗin awo, alli da yadi 2 na atamfa. Tsohuwar atamfa ta fi dacewa da yankan farko.

Juma'a, 9:00 na safe

Kekunan ɗinki 12 kaɗai ne a ajin, kuma akwai masu jiran gurbi. Idan uzuri ya taso miki, don Allah ki danna "Soke" kafin Magariba domin wata ta samu.

Asabar, 7:15 na safe

Saboda ruwan da aka kwana ana yi, an ɗaga darasin yau zuwa ƙarfe 11:00, domin masu tahowa daga Bunguɗu su iso cikin natsuwa. Za a tashi kafin Azahar.

Asabar, 10:30 na safe

Saura minti 30 a fara. Kekenki shi ne mai lamba 7, kusa da taga, kuma malamar aji za ta ɗauki awonki da zarar kin shigo.