Tayin Haɗa Wutar Sola a Masana'antar Shinkafarku ta Sharaɗa

Kano, Litinin 13 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ga tayin da muka yi alkawarin kawowa bayan zagayen da injiniyoyinmu suka yi a masana'antarku makon jiya.

Littafin mai kula da janareto ya nuna ƙaramin injinku yana aiki kusan awa 6 kullum, yana shan lita 12 ta dizal a awa. A kwana 26 na aiki, lita 1,872 ke nan, sama da naira miliyan 2 duk wata a farashin naira 1,100 da kuke saye. Wutar layi ma ba ta da arha tun da aka ƙara wa rukunin Band A kuɗi a Afrilun 2024.

Abin da aikin ya ƙunsa

Za mu ɗauke wa ƙaramin janareton kayansa gaba ɗaya: ofisoshi, sikelin auna motoci, famfon rijiyar burtsatse, kekunan ɗinke buhu, fitilun harabar da kyamarorin tsaro. Da rana suna jan kilowat 40, da dare kuwa ba sa wuce 5. Farantan za su hau rufin babban sito, wanda muka duba ƙarfensa muka ga zai ɗauka. Kawo kaya, ɗaurawa, wayoyi, kariyar tsawa da koyar da ma'aikatanku biyu duk suna cikin kuɗin.

Injinan casa da tukunyar turara ba sa ciki, kuma da gangan muka cire su. Manyan motocinsu na fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, batirin da zai jure wannan kuwa kuɗinsa zai cinye ribar aikin. A bar su kan layi da babban janareto.

Farashi

Zaɓi na ɗaya: faranti 92 da inbata, babu batir, naira miliyan 38. Shi ne mafi sauƙi, amma sai akwai wutar layi ko janareto na kunne sannan zai yi aiki. Rage shan mai zai yi kawai.

Zaɓi na biyu: faranti 110 masu wat 550 kowanne, inbata mai kilowat 50, da batirin litiyam da zai riƙe fitilu da kyamarori awa 10, naira miliyan 64. Wannan muke ba ku shawarar ɗauka. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da auna tirela, sikeli ba zai mutu ba, mai gadi kuma ba zai tashi kunna inji da tsakar dare ba. Ƙiyasinmu, tsakanin mai da kuɗin wuta za ku riƙa rage kimanin miliyan 2 a wata, wato kayan su mayar da kuɗinsu kafin shekara 3. Da damina da lokacin hazo abin zai ɗan ragu, mun sa wannan a lissafi. Ƙurar hunturu kan rufe faranti cikin 'yan kwanaki, balle a wurin da buntu ke tashi, shi ya sa muka haɗa da wankewa sau biyu a wata har tsawon shekara guda.

Zaɓi na uku: kayan zaɓi na biyu ne, amma biya a hankali. Kafin alƙalami miliyan 12, sai miliyan 1.9 duk wata har wata 36, jimilla miliyan 80.4, gyara yana wuyanmu duk tsawon lokacin. Ya fi tsada, sai dai ba zai taɓa muku jarin sayen shanshera ba yanzu da kaka ta kama.

A zaɓi na ɗaya da na biyu, ana biyan kashi 60 cikin ɗari a farko, 30 idan kaya sun iso, ragowar 10 bayan an gwada mako biyu kun gamsu. Haraji yana cikin farashin. Aiki mako 5 ne daga ranar biyan farko, ba tare da an tsayar da casa ba. Garantin inbata da batir shekara 5 ne, na aikin hannunmu shekara 2. Da dala ake shigo da kayan, don haka farashin nan zai tsaya ne zuwa 31 ga Oktoba kawai.

Abin da muke roƙo

A ba mu awa ɗaya ranar Alhamis 16 ga Oktoba da ƙarfe 11 na safe a ofishinku, tare da akanta da injiniyan masana'anta. Za mu zo da zanen aikin da daftarin yarjejeniya, ku kuma a tanadar mana takardun kuɗin wuta na wata 6. Idan lokacin ya yi muku, sakatarenku ya sanar da mu kafin Laraba da yamma.

Allah ya ƙara buɗi.

Naku,
Shugaban Sashen Ciniki